Sharhi a kan inshorar aikin gini: abin da na samu bayan ruwan Agusta ya kayar mini da katanga

Ni ƙaramin ɗan kwangila ne a Zariya, kuma a cikin shekarun da na yi ina gina wa mutane gidaje ban taɓa sayen inshorar aikin gini ba sai a watan Disamban 2023, lokacin da wani Alhaji mazaunin Abuja ya ba ni aikin gida mai bene hawa ɗaya, ya kuma rubuta a cikin kwantiragin cewa sai na kawo takardar inshora kafin ya saki kuɗin farko. Doka ba ta tilasta mini ba a lokacin, domin dokar inshora ta 2003 ta wajabta inshora ne a kan ginin da ya haura hawa biyu. Na je wurin wani dillalin inshora a Kaduna, ya haɗa ni da wani kamfani, aka ba ni irin wadda suke kira inshorar ɗan kwangila ta dukkan haɗurra. Na sa darajar aikin naira miliyan 40 kamar yadda take a kwantiragi, na biya naira 160,000 na wata tara, na jefa takardar a aljihun mota ban karanta ba.

A tsakiyar watan Agustan 2024 aka yi ruwa tun bayan sallar isha'i har zuwa asuba. Lambatun da ke bayan filin ya toshe da shara, ruwan unguwa gaba ɗaya ya taru a jikin katangar da muka gama mako uku kafin nan, ya ture kimanin mita 30 daga cikinta. Wani ɓangare ya faɗa cikin filinmu, wani kuma ya faɗa a kan ɗakin girki da banɗakin maƙwabcinmu, kuma Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Ruwan ya wuce ya shiga ɗakin ƙasa da muka mayar sito, inda nake da buhun siminti 150 da na saya domin filasta. Da gari ya waye, mafi yawansu sun fara zama dutse.

A nan ne kamfanin ya ba ni mamaki. Na buga wa dillalin waya da safe, ya ce kada in taɓa komai, in ɗauki hotuna, in rubuta sanarwa a ranar, domin takardar ta ƙayyade kwanakin da za a sanar da asara. Bayan kwana uku sai ga mai tantance asara ya iso da injiniya, da awo da kyamara. Na ɗauka zai tsaya ya dubi ɓaraguzan ya rubuta lamba, sai na ga ya sa leburorina sun tona gindin katangar a wuri uku. Ya auna zurfin harsashin, ya fasa ginshiƙi ɗaya ya ƙirga rodin da ke ciki, ya auna tazarar da ke tsakanin ginshiƙai, sannan ya ɗauki bulo biyu ya jefar a ƙasa ya ga yadda suka fashe. Ya tambaye ni ko na bar ƙofofin da ruwa zai bi a ƙasan katangar. Sai daga baya na gane abin da yake nema: wannan inshorar ba ta biyan abin da ya lalace saboda mugun aiki ko mugun kaya ko kuskuren zane, don haka da ya tarar harsashin bai kai ba, ko bulon yashi ne zalla, da an ce katangar ta faɗi ne da laifina, ruwa kawai ya taya ta. Abin da ya cece ni shi ne hotunan da nake aika wa Alhaji a kowane mataki, musamman na ranar da aka zuba kankaren harsashi da awo a cikin ramin, da kuma shatin laka a jikin ragowar katangar wanda ya nuna ruwan ya kai ƙugun mutum. Injiniyan ya rubuta cewa ambaliya ce ta kayar da ita.

Maganar maƙwabci ma ta tafi daidai, duk da kuskuren da na tafka. Takardar kashi biyu ce: na farko ya shafi aikin kansa da kayan da ke filin, na biyu kuma ya shafi ɓarnar da aikin ya jawo wa wasu mutane. Tun kafin mai tantancewar ya zo, mai unguwa ya tara mu, ni kuwa saboda kunya da maƙwabtaka na ce, "Baba, ku yi haƙuri, duk abin da ya lalace a wuyana yake." Ashe akwai sharaɗin da ya hana mai inshora amsa laifi ko yin alkawarin biya ba tare da izinin kamfani ba. Dillalin ya yi mini faɗa sosai, amma kamfanin ya ɗaga ƙafa, ya ƙiyasta gyaran naira 900,000, ya cire 100,000 a matsayin kason da ni zan ɗauka, ya biya 800,000 cikin mako biyar. Da a nan maganar ta tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

Sai takardar lissafin nawa kashin ta zo. Na nemi naira miliyan 4 da 225,000: katanga miliyan 2 da 700,000, siminti buhu 150 a kan 7,500, wato miliyan 1 da 125,000, sai rodi na 400,000 da muka tarar babu da muka ƙirga kaya bayan ruwan. Rodin suka fara sokewa. Suka ce kayan da aka gano ɓatansu a wurin ƙirga, ba tare da alamar an fasa ko an haura ba, ba sa cikin abin da ake biya. Maigadi ya rantse ba a daren aka ɗauka ba, ni ma ban san ranar ba, don haka ban ja ba. Simintin ne ya fara ɓata mini rai. Akwai wata takarda da aka maƙala a bayan babbar takardar, wadda ta ce idan ambaliya ta lalata kayan gini, ba za a biya abin da ya wuce bukatar kwana uku ba, sai in an ajiye ragowar a inda ruwa ba ya kaiwa. Suka lissafa cewa birkilolina ba za su ci fiye da buhu 40 a kwana uku ba, suka amince da 300,000, sauran buhu 110 suka bar mini. Duk wanda ya yi gini a 2024 ya san dalilin da ya sa mutum zai tara siminti da zarar ya samu kuɗi a hannu, domin a watan Fabrairun shekarar mun ga buhu ya haura dubu goma. Babu ƙaramin ɗan kwangilar da ke sayen simintin kwana uku-uku, kuma da dillalin ya nuna mini wannan sharaɗin tun farko, da a saman bene na jera buhunan, tunda an riga an yi rufi.

Abin da ya fi ciwo yana gaba. Katanga da siminti sun tashi miliyan 3 cif, na ce to, a ba ni wannan. Sai suka nemi sabon lissafin aikin. Bayan tashin farashi, ni da Alhaji mun zauna mun sake ƙiyasin gidan, ya koma miliyan 60, kuma mun sa hannu. Ban sanar da kamfanin inshora ba, don ban san abin ya shafe su ba. Mai tantancewar ya zaunar da ni ya yi mini bayani a hankali: kuɗin da ake sa wa a takardar dole ya kasance cikakkiyar darajar aikin idan an kammala, kuma tunda na sa 40 a kan aikin 60, to kashi biyu cikin uku kawai na yi wa inshora, ragowar kashi ɗaya ni ne kamfanin inshorar kaina. Saboda haka kowace asara, komai ƙanƙantarta, haka za a raba ta. Miliyan 3 ta koma miliyan 2. Daga ciki aka cire kason da nake ɗauka a asarar ruwa da iska, wanda takardar ta ce kashi goma cikin ɗari ne amma ba ƙasa da 250,000 ba. Abin da ya shigo asusuna bayan wata biyu da rabi shi ne miliyan 1 da 750,000.

Na yi ta juya lissafin, kuma ba zan ce sun cuce ni ba, domin kowace lamba tana da layinta a cikin takardar da na ƙi karantawa. Amma da na ƙara darajar zuwa 60 a lokacin da muka sake ƙiyasi, ƙarin da zan biya ba zai wuce naira 80,000 ba a bisa farashin da suka ba ni tun farko, rashin yin hakan kuwa ya ci mini kusan miliyan ɗaya. Dillalin yana zaune a Kaduna, yana ganin yadda siminti da rodi ke tashi kamar kowa, ya karɓi ladansa, amma bai buga waya sau ɗaya ya ce, "Malam, aikinka har yanzu miliyan 40 ne?" ba. Da na yi masa ƙorafi, sai ya ce ai akwai sharaɗin tashin farashi da ake iya ƙarawa tun a farko, wanda ke ɗaga darajar da wani kaso da kansa. Wannan bayanin a watan Disamba nake bukatarsa, shi kuwa a watan Oktoba ya kawo mini. Sunan inshorar ma yana da nasa laifin, domin wanda aka ce masa dukkan haɗurra ba zai zaci akwai shafi biyu na abubuwan da aka ware ba. A cikinsu na ga cewa injin kwaɓa kankaren da nake haya ba ya ciki tunda ban rubuta shi ba, kuma da leburana ne katangar ta danne, wannan takardar ba ta san da shi ba, wata hanya ce daban.

Akwai kuma abin da ya kusa rusa komai. Wata taran da na saya za su ƙare ne a ƙarshen Agusta, ruwan ya zo saura mako biyu, alhali aikin bai kai ko'ina kusa da miƙa makulli ba, saboda mun tsaya na makonni a lokacin tsadar siminti. Inshorar ba ta bin ginin har ya ƙare, ranar da aka rubuta take bi, kuma babu wanda ya tuna mini. Na nemi ƙarin wata huɗu, suka ce sai kuɗi ya shiga tukuna, domin ƙa'idar ƙasar nan ita ce babu biya babu kariya, kuma hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora tana tsaye a kanta. Na biya, na gyara darajar zuwa 60, na sa injin kankare a jerin kaya.

Na sake gina katangar, wannan karon da bututu a ƙasa kowane mita biyu, na kuma biya yara suka yashe lambatun. Aikin da nake yi yanzu a Samaru na saya masa irin wannan inshorar ba tare da mai gida ya nema ba, a kamfanin nan dai, amma ta hannun wani dillalin, wanda na sa ya karanta mini takardun da aka maƙala a baya ɗaya bayan ɗaya kafin in tura kuɗi. Buhu 110 ɗin nan kuwa na farfasa su na cike ramin ƙofar gida da su, kuma har yau idan na taka wurin sai na tuna nawa ne a ƙarƙashin ƙafata.