Linkin otal, na mai sharhi da na ɗan damfara: wace alama za a sa wa kowanne?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shafin yi wa masu Umra bayani a nan Makka. Wani otal a Aziziya ya ba ni riyal 500 in sa linkinsa, masu karatu kuma suna ta zuba nasu a wurin sharhi. Nofollow zan sa wa duka, ko sponsored da ugc?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sa kowace alama, duba abu biyu: wa ya ajiye linkin, kuma an ba ka wani abu a kansa?

Na otal ɗin sponsored ne, tunda kuɗi ya shiga. Ba sai riyal a hannu ba. Kwana biyu kyauta a ɗakinsu, ko kamasho idan alhaji ya kama ɗaki ta hanyarka, duk biya ne.

```html
<a href="https://example.com" rel="sponsored">Otal a Aziziya</a>
```

A nan mutane suka fi ƙonewa. Mai otal yakan ce a bar linkin ba alama, don abin da yake saye ke nan: Google ya ɗauka kai ka yabe shi don kanka. Google kuwa yana lissafa wannan a cinikin linki, kuma mai sayarwa ma yana shan hukunci. Idan ya faɗo maka, za ka ga saƙon "Unnatural links from your site" a Search Console, ƙarƙashin Manual actions. Sai ka gyara linkunan, ka nemi a sake dubawa. Riyal 500 ba ta kai wannan wahalar ba.

Na masu sharhi ugc ne, wato ba kai ka rubuta ba. Idan WordPress kake amfani da shi, tun daga 5.3 da kansa yake sa `nofollow ugc` a sharhi. Amma alamar ba ta share shara. Tallan bizar bogi goge shi za ka yi.

Shi nofollow na linkin da kai ka sa da hannunka ne, ba a biya ka ba, amma ba ka tsaya masa ba. Misali, kana gargaɗin alhazai kan wani shafin damfara, dole ka nuna shi. Linkin Nusuk kuwa, wato shafin hukumar Saudiyya na Hajji da Umra, da na shafukanka na ciki, bar su haka nan.

Nofollow ya girme su, tun 2005 yake, sauran biyun sai Satumba 2019 suka zo. Saboda haka tsohon linkin talla mai nofollow har yanzu karɓaɓɓe ne, ba sai ka bi ka sauya ba, ko da yake Google ya fi son sponsored. Dukansu uku yanzu shawara ce gare shi, ba umarni ba, shi ya sa ba sa hana shafi fitowa a bincike. Idan ɓoye shafinka kake so, `noindex` za ka sa a kansa.