Sauke Kii Ba Tare da Kiɗa Ya Yi Nauyi Ba: Wace Manhaja Za Ka Ɗauka?

Mawaƙi a Katsina ya karɓi kiɗa daga sutudiyo, an buga shi daidai da muryar wani mai siririyar murya, shi kuwa tasa kauri gare ta. Da an zo amshi sai jijiyar wuya ta miƙe. Abin da yake buƙata shi ne a sauke kii, saurin kiɗan kuma ya tsaya yadda yake.

Kafin ka zaɓi manhaja, ka san taki nawa za a sauke. Ku zauna gaban fiyano, a nemo sautin da ya fi tsawo a waƙar, sannan a nemo inda muryar mawaƙin take tsayawa ba tare da ya yunƙura ba. A ce waƙar tana kaiwa G, shi kuma iyakarsa E. Ƙirga maɓallan da ke tsakani, fari da baƙi duka: F#, F, E, taki uku ke nan. Kowane taki shi ne samiton ɗaya, don haka -3 za ka rubuta, waƙar da ke kii C ta koma A. A gwada baitin da ya fi ƙasa ma, kada a gyara amshi baiti ya nutse a maƙogwaro.

Idan kiɗan fayil ɗaya ne a hannunka, Audacity ta ishe ka, kuma kyauta ce. Buɗe fayil ɗin, danna Ctrl+A, ka shiga Effect ka nemo Change Pitch, wanda a sababbin fitowa yake ƙarƙashin Pitch and Tempo. A gurbin Semitones (half-steps) sa -3, za ka ga Percent Change ya nuna kusan -15.9. Sai ka kunna Use high quality stretching (slow). Ya fi ɗaukar lokaci, amma dogon sautin fiyano ba ya rawa kamar yadda yake yi in an bar shi a kashe. Ka fitar da aikin a WAV, kuma duk sanda za a sake gwaji a koma kan asalin fayil, don sauke abin da aka riga aka sauke yana ninka lalacewa. Kada hannunka ya kai kan Change Speed, wanda a sababbin fitowa ake kira Change Speed and Pitch, shi sauti da sauri yake ja tare.

Audacity ma tana da iyaka. Taki biyu ko uku kunne yana yafewa. Daga huɗu zuwa biyar kalangu ya fara amsawa kamar fatarsa ta jiƙe, muryar 'yan amshi mata ta koma ta ƙarti, bes kuma ya gangara inda ƙananan sifikun biki ba sa iya fitar da shi. In abin ya kai haka, koma wurin wanda ya buga kiɗan. Muddin aikin yana nan a kwamfutarsa, zai sauke fiyano da bes kaɗai ya bar ganguna, kamar yadda maɓallin TRANSPOSE na fiyanon Yamaha ba ya taɓa ganga. Wannan ya fi komai tsabta.

FL Studio tana yi da kyau in an kawar da Mode daga Resample, wanda shi ma sauti da sauri yake ja tare, sai dai saye don wannan aiki kaɗai ɓarnar kuɗi ne. Manhajojin waya irin su Music Speed Changer na gwaji ne, ka gano taki nawa ya dace, ba na kai wa DJ ba.

Inda ake cutar mutane kuwa shi ne wurin biyan wani ya yi maka. Akwai mai karɓar kuɗi ya rage gudun kiɗan kawai, ya ce ya sauke kii. Agogo ne ke tona shi. Kiɗan minti 4 da aka sauke taki uku ta wannan hanya zai koma kusan minti 4 da daƙiƙa 45, mai bugu 120 a minti ya faɗo wajen 101. Ka duba tsawon fayil biyun tun kuna tare. In ba su zo ɗaya ba, kada ka biya. Akwai kuma mai cewa sabon kiɗa ya buga maka a sabon kii, alhali tsohon ya ja ƙasa. Saurari ganga: in ita ma ta yi kauri, ba bugawa aka yi ba. Wani kuma zai mayar da MP3 zuwa WAV ya ce maka asali ne, fayil ya yi girma amma abin da ya zube bai dawo ba. Sai masu sayar da manhaja a filashi: Audacity ba ta kuɗi ba ce, FL Studio ɗin da ake turawa a 'yan kuɗi kaɗan kuma fasasshiya ce, irinta kan zo da bairos. Audacity a shafinta, audacityteam.org, ake sauke ta.