Firinta mai buga gaba da baya: wacce za ka saya, kuma ta wane gefe takarda za ta juya?

Mai shirin sayen firinta don buga ƙananan littattafai, irin su jadawalin walima, littafin azkar ko ƙasidar ɗalibai, yakan fara da tambayar kuɗin tawada da saurin bugu. Akwai tambayar da ta riga waɗannan: shin na'urar tana juya takarda da kanta ta buga bayanta, ko sai an sa mata hannu? Amsar nan ce ke raba aikin minti goma da aikin wuni guda.

Kafin a je kasuwa, gara a gane yadda ɗan littafi yake fita daga fallen takarda, domin a nan yawancin asarar takarda take faruwa. Fallen A4 faɗinsa milimita 210 ne, tsawonsa 297. Idan takarda ce ta yau da kullum, kamar rahoto ko furojet da za a ɗaure ta hagu, shafin yana tsaye ne, ana kuma buɗe shi ta dogon gefe. Wannan shi ne zaɓin da allo ke nunawa da sunan Flip on long edge. Ɗan littafi kuwa daban yake. Fallen yana kwanciya ne, a buga shafi biyu na A5 gefe da gefe a kowace fuska, sannan a ninke shi a tsakiya. Layin ninkin nan yana tafiya ne daidai da gajeren gefen takardar, don haka dole juyin ya bi gajeren gefe, wato Flip on short edge. Mutane da yawa suna ruɗewa a nan saboda littafin da aka gama ninkewa ta dogon gefensa ake buɗe shi, sai su zaɓi dogon gefe. Ita firinta ba ruwanta da littafin da aka ninke, fallen da ke ratsa cikinta kawai ta sani.

Alamar an yi kuskure ba ta ɓuya: gaban kowane falle zai fito daidai, bayansa kuma kai a ƙasa. Ka buɗe bango lafiya, shafi na 2 ya zo maka a kife. Babu gyara sai sake bugu.

Ɗauki littafin azkar mai shafi 16. Kowane falle yana ɗaukar shafi huɗu, biyu gaba biyu baya, ke nan falle huɗu ne. Falle na farko, wanda zai zama na waje, yana ɗauke da shafi na 16 da na 1 a gaba, na 2 da na 15 a baya. Na biyu yana da 14 da 3, bayansa 4 da 13. Haka ake tafiya har falle na ciki, inda 8 da 9 suke fuskantar juna. Ka lura duk shafi biyun da ke maƙwabtaka idan ka haɗa lambobinsu 17 za su ba ka, wato yawan shafuka da ƙarin ɗaya, kuma da wannan lissafin kaɗai za ka gane ko jerin ya tafi daidai tun kafin ka ninke. Idan rubutunka shafi 18 ne, sai an kai shi 20, domin dole adadin ya rabu gida huɗu. Manhaja za ta cike gibin da fararen shafuka a ƙarshe, abin da ke ture bangon baya zuwa ciki. Mafita ita ce ka saka fararen shafukan da kanka a inda kake so, misali bayan bangon gaba da kuma gaban bangon baya.

Littafin Larabci ko ajami ta dama ake buɗe shi. Wannan bai shafi gefen juyi ba, yana nan a gajeren gefe. Abin da ke sauyawa shi ne wurin zaman shafuka: na 1 ya koma hagu, na 16 ya dawo dama. A Acrobat Reader, manhajar buɗe fayilolin PDF, cikin sashen Booklet, sai a mayar da Binding daga Left zuwa Right.

To, yanzu ga abin da ke kasuwa.

Mafi araha ita ce firintar da ba ta juya takarda da kanta. Tana iya yin littafi, amma da wahala. Za ka buga gaban duk fallayen, ka kwashe su, ka mayar cikin tire, sannan ka buga baya. A Acrobat Reader ana yin haka da Front side only sannan Back side only. Matsalar ita ce kowace na'ura da yadda take jan takarda: wata fuskar sama take bugawa, wata ta ƙasa, wata kuma sai an juya jerin fallayen. Dabarar ita ce ka zana kibiya da fensir a fallen gwaji, ka ga inda bugu ya sauka, ka rubuta sakamakon ka manna a jikin na'urar. Babban haɗarin shi ne ta ja falle biyu a haɗe a zagaye na biyu. Daga wannan fallen zuwa ƙarshe, kowane baya zai sauka a kan gaban da ba nasa ba. Ga mai buga kwafi biyar a wata wannan abin jurewa ne, amma mai shagon da ake kawo wa jadawalin biki kwafi ɗari biyu ana gobe ɗaurin aure, kada ya soma.

Sai firintar leza mai juyi da kanta, wadda ita ce zaɓin da ya fi dacewa da rubutu baƙi zalla mai yawa. Ana gane ta daga haruffan ƙarshen sunanta. A wajen HP, Canon da Brother, harafin d yana nufin juyi: HP LaserJet Pro M404dn tana juyawa da kanta, M404n ba ta yi, alhali in ka gan su a kan kanta da wuya ka bambance su. Kada kuma mai shago ya nuna maka tiren sama na sikanin takardu ya ce ai tana yin gaba da baya, wannan aikin sikan ne, ba na bugu ba. Inda leza take da nauyi shi ne wuta. Tana narkar da tona, wato garin tawadarta, da zafi, don haka tana jan wat ɗaruruwa lokacin bugu, ƙaramar inbata ko ƙaramin janareta kan durƙusa mata. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar juyi, fallen zai maƙale a hanyar baya, sai an buɗe murfin baya an zaro shi a hankali.

Mai tankin tawada ita ce ta masu son launi da masu aiki da sola, domin wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba. A nan ma sai an duba: Epson L3250 da hannu ake juya mata, L4260 kuwa tana yi da kanta. Sai dai tana da nawa, saboda takan ɗan dakata fuskar farko ta sha iska kafin ta ja fallen baya. Tawadar ruwa kuma tana ratsa siririyar takarda. A kan mai giram 70, hoto mai duhu zai leƙo ta baya ya dame rubutu, don haka giram 80 ne mafi ƙanƙantar abin da ya kamata a sa mata.

Waɗannan ukun galibi A4 ne iyakarsu, ke nan littafin A5 kaɗai za su ba ka. Wanda ke son littafi ko mujalla mai girman A4 sai ya nemi babban injin fotokwafi mai ɗaukar A3. Wasu suna zuwa da akwatin da ke ninkewa ya kuma buga fil da kansa. Yawancin da ake samu a hannun 'yan kasuwa na hannu ne, wato an riga an yi amfani da su, kuma sashen juyin yana cikin wuraren da robobin jan takarda suke cinyewa, saboda haka kada ka yarda da gwajin fuska ɗaya.

Akwai iyaka guda da ta shafi kusan duk ƙananan na'urori: hanyar juyi lanƙwasa ce mai tsauri, kuma galibinsu ba sa karɓar takardar da ta wuce giram 105 zuwa 120. Bangon kati mai giram 160 ko 200 ba zai bi ta nan ba. Ana buga shi daban ta ƙofar saka takarda ɗaya-ɗaya, a juya da hannu. Da yawa kuma ba sa juya A5, wanda ƙarin dalili ne na bugawa a A4 a ninke.

Bayan an kawo na'ura gida, in zaɓin gaba da baya bai bayyana ba a Windows, ba lalle ne ta lalace ba. A manhajar HP da makamantanta, shiga Printer properties, sannan Device Settings, ka mayar da Duplex Unit zuwa Installed. A Word, jerin littafi yana cikin Page Setup, ƙarƙashin Multiple pages, inda za ka zaɓi Book fold, sannan wajen bugu ka zaɓi Flip pages on short edge. A Linux, fayil ɗin da aka riga aka jera shafukansa ana tura shi haka:

```
lp -o sides=two-sided-short-edge littafi.pdf
```

Wuri ɗaya tak za a kunna jerin littafi. Idan Word ko Acrobat ya jera, sannan manhajar firinta ita ma an kunna mata Booklet, za a jera sau biyu, sai ka ga ƙananan shafuka huɗu a fuska ɗaya cikin hargitsi. In kuwa manhajar firintar ce ka bar wa aikin, ita za ta zaɓi gefen juyi da kanta, kada ka taɓa. Ka kuma tuna cewa shafin da aka tsara a A4 idan aka matse shi zuwa A5 yana komawa kashi 71 cikin ɗari, rubutu mai girman 12 ya zama kusan 8 da rabi. Dattijon da zai karanta azkar bayan asuba ba zai gode maka ba. Ka tsara a A5 tun farko, ko ka ɗaga rubutun zuwa 16.

Kauri ma yana da iyaka. Fallen giram 80 kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, don haka in ka ninke falle goma tare, na ciki zai turo baki da kimanin milimita ɗaya, sai an datse da injin yanka. Daga falle 15, wato shafi 60, littafin yakan ƙi rufuwa, gara a koma ɗaurin gam ko na zobe, a nan kuma bugun A4 a tsaye ta dogon gefe zai koma. Cikin kasafinka ka sa kuɗin sitefila mai dogon hannu, domin tsakiyar fallen tana nesa da baki da kusan santimita 15, ta tebur ba ta kaiwa.

Ranar saye, ka tafi da filashi ɗauke da fayil mai shafi 8, kowane shafi da ƙatuwar lambarsa da layin da ya zagaye shi, da kuma irin takardar da za ka riƙa amfani da ita. A buga maka littafin a gabanka, ka ninke ka ƙirga daga 1 zuwa 8. Sannan ka ɗaga falle ɗaya ga haske ka duba ko layin gaba ya hau kan na baya. Saɓanin milimita ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani a ƙananan na'urori, amma in layin ya karkace, sama ya haɗu ƙasa ya rabu, na'urar tana jan takarda a gicciye ne. In wadda aka riga aka yi amfani da ita ce, ka sa a tura falle talatin gaba da baya a jere, domin gajiyayyar roba ba ta nuna halinta a falle biyu, sai na'urar ta ɗauki zafi take fara cin takarda.