Yis ɗin fakitin rabin kilo: gwani ne a gurasa, amma a burodi mai sukari sai haƙuri

Irin busasshen yis ɗin nan ne da ake zubawa kai tsaye cikin fulawa ba sai an jiƙa ba. Wanda na saya a kasuwar garinmu, nan wajen Ringim, ya zo a matse da tauri, alamar iska ba ta shige shi ba. Na gwada shi yadda ake yi: ƙaramin cokali ɗaya a rabin kofin ruwa mai ɗumi da ɗan sukari. Kafin minti 10 kumfa ya rufe saman kofin. A kwaɓin gurasa kuwa, cikin awa guda ya ninka. A nan kam ba ni da ta cewa.

Ɓacin raina a kan burodi ne. Fulawa kilo 10, yis giram 100, gishiri giram 150, sukari kilo ɗaya da rabi, ruwa lita biyar da rabi, da ɗan bota. Awon da kowane gidan burodi ya sani ne. Awa biyu kwaɓin yana cikin gwangwani bai kai rabinsa ba, ga wuta ta riga ta yi, itace yana ta ƙonewa a banza.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yis abu ne mai rai, barci kawai yake yi a fakiti. Idan ya samu ruwa da ɗumi sai ya fara cin sukarin da ke cikin kwaɓi, yana fitar da iska da ɗan ruwa mai warin tsami, wanda ake ji idan an buɗe kwaɓi. Wannan iskar ba ta gudu saboda danƙon fulawar alkama, wanda murza ke ƙarfafawa, shi ke riƙe ta a ƙananan ƙofofi har kwaɓi ya kumbura. Shi ya sa garin masara ko na dawa ba ya tashi haka, ba shi da wannan danƙon. To amma sukari idan ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin fulawa, sai ya koma yana tsotse ruwan jikin yis ɗin, kamar yadda gishiri ke yi wa yankakkiyar albasa. Yis bai mutu ba, ya dai galabaita. Namu kashi 15 ne. Akwai yis da aka yi musamman don kwaɓi mai zaƙi, kuma ana rubutawa a jikin fakiti. Wannan ba shi ba ne, amma mai shago ya ce mini "duk ɗaya ne, Malam". Wallahi ba ɗaya ba ne.

Haka aka sa kwaɓin a wuta. A minti 10 na farko zafi yana buɗa iskar da ke cikin ƙofofin, ruwa yana zama tururi, yis kuma yana aikinsa na ƙarshe da sauri, sai burodi ya yi tsalle. Da cikinsa ya kai wajen digiri 60 yis ya mutu. Daga nan sitacin fulawa ya sha ruwa ya daskare, danƙon ya ƙame, ƙofofin su tsaya yadda suke. Bayan wannan babu sauran tashi, ko za a kwana ana gashi. Kwaɓin da bai tara iska ba tun a waje, wuta ba ta da abin da za ta buɗa sosai. Ɓawon ya riga ya bushe yayin da ciki ke turowa, sai gefen ya tsage. Abin da muka samu ke nan: burodi gajere, mai nauyi, gindinsa a cushe. Ga shi ya yi ja da wuri saboda yawan sukari, mai kallo zai ɗauka ya gasu alhali tsakiyarsa da saura.

Kada kowa ya ce zai gyara da ruwan zafi, ko da hunturu ne. Ruwan da hannu ba ya iya zama a ciki kashe yis yake yi. Abin da ya yi aiki shi ne ƙara yis zuwa giram 150, a ware shi daga gishiri wajen zubawa, a kuma bar agogo a koma gwajin yatsa: a danna kwaɓin, idan ramin ya dawo a hankali bai cike duka ba, ya isa shiga wuta. Idan ya dawo nan take, da saura.

Da haka burodin ya fito daidai, sai dai fakitin da ya kamata ya ɗauki buhun fulawa guda yanzu ba ya kaiwa. Ga shi da an farke shi, zafin bazara yana rage masa ƙarfi idan ba a ɗaure bakinsa an ajiye a wuri mai sanyi ba. Masu gurasa da alkubus ku saya, zai yi muku. Ni dai na burodi sai na ga an rubuta na mai sukari ne a jikin fakitin, maganar mai shago ba ta ishe ni ba.