Kafin Ka Yanke Kuɗin Mota: Wane Lissafi Ne Zai Fishe Ka?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗan Adaidaita Sahu ba ya iya yanke kuɗin mota da ka. Akwai masu bin abin da tasha ta tsayar, amma tasha ba ta san halin injinka ba. Akwai masu duba kilomita nawa kamfani ya ce lita ɗaya ke yi, alhali ba a cunkoson Kantin Kwari aka auna ba. Ni dai hanyar cika tanki na yarda da ita.

Ka cika tanki fal da safe, ka rubuta lambar da mitar kilomita ke nunawa. Da dare ka koma famfon nan dai ka sake cikawa. A ce ka yi kilomita 125, tanki ya ci lita 5, lita kuma naira 1,000. Kowace kilomita ta ci maka naira 40 ke nan. Ka yi haka mako guda, domin ranar Juma'a ba ɗaya take da Talata ba.

Sai abin da ke ci a ɓoye. Idan juyen baƙin mai naira 6,000 ne duk bayan kilomita 1,500, naira 4 ke nan. Ka bi tayoyi, birki, filogi da kuɗin bakanike haka. A ce duka da baƙin man sun kai 15. Balas ɗin mai keke, tikiti da ladan guminka kuwa, in sun tashi 12,500 a yini, 100 ne a kilomita. Jimla 155. Amma in kilomita 25 ka yi su babu fasinja, sauran 100 ne za su ɗauki nauyin, kuɗin ya koma kusan 194. Da fasinja uku, kowa 65, tafiyar kilomita huɗu kuma 260. Mai shata shi kaɗai zai biya na ukun.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne famfon da aka taɓa. Ka biya kuɗin lita biyar a zuba maka huɗu da rabi, ka yi ta zargin kafireto, bakanike ya yi ta kwancewa a banza. Ka je da galan mai awo ka gwada gidan man tukuna. Na 'yan bumburutu kuwa kada ya shiga lissafinka sam. Baƙin mai na jabu ya fi wannan muni: tsohuwar roba ake wankewa a ɗura gurɓatacce. Ka duba hatimin murfi. In injin ya soma zafi da wuri, ƙararsa ta sauya, ka juye baƙin man a ranar, domin sauke inji guda zai cinye ribar watanni. Wanda wayar mitarsa ta tsinke, ya gyara ta kafin ya fara rubuta komai.