Mega da mitar atin: rizista ɗaya ba ta isa gwajinsu

"Salamu alaikum iyayen gida. Oganmu ya bar mini mega da mitar atin, duka sun haura shekara uku ba a kai su saiti ba, ga shi muna da aiki a Sharaɗa sati mai zuwa. Wani ya ce in sayi rizista ɗaya in gwada su da ita. Hanyar gwajin ɗaya ce, ko kowacce da tata?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya ba ka shawarar nan bai yi kuskure ba, rabin zancen dai ya faɗa maka. Kowacce da tata hanyar, kuma dalilin yana cikin irin aikin da suke yi. Mega tana tura wutar DC mai ƙarfi, bolt 250 ko 500 ko 1000, sannan ta auna ɗan abin da ya zurara ta robar waya. Lissafinta na miliyoyin om ne. Mitar atin kuwa, wato mai auna yadda turken atin yake kai wuta cikin ƙasa, AC take turawa, da yawansu a 128 Hz don kada su rikice da 50 Hz na wutar gari, abin da take nema kuma om ɗaya ne zuwa ɗari. Saboda haka abin da ke yaudarar mega shi ne duk wata ɓarauniyar hanya da wuta za ta bi ta gefen rizistar, wato datti da laima. Abin da ke yaudarar mitar atin shi ne duk abin da ya ƙaru a kan hanyar wutar, wato tsawon waya da tsatsar bakin kada, maƙalin nan da ke ƙarshen wayar gwaji. In ka riƙe wannan, sauran mai sauƙi ne.

Mu fara da mega, don ita ce ta fi jan magana. Ƙaramar rizistar nan mai kwatan wat da ake sayarwa a Sabon Gari, yawanci bolt 250 ne iyakarta. In ka ɗora wa guda ɗaya bolt 1000, ko ta lalace ko darajarta ta goce, kai kuma ka ɗora laifin a kan mita. Dabarar ita ce ka jera su da dalma, bakin wannan a wutsiyar wancan, su raba wutar a tsakaninsu. Guda goma na 100 kΩ sun ba ka 1 MΩ, goma na 1 MΩ sun ba ka 10 MΩ, goma na 10 MΩ sun ba ka 100 MΩ. Ko a bolt 1000, kowacce bolt 100 kawai take ɗauka. Nemi masu zoben ruwan ƙasa a ƙarshe, wato masu kuskuren kashi 1 cikin ɗari. Masu zoben zinare kashi 5 ne, in su kaɗai ka samu sai ka auna kowacce da maltimita mai kyau, ka tara, ka rubuta jimlar a jikin akwatin da za ka ajiye su. Jerin 1 MΩ shi ne mafi muhimmanci, domin a ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, da yawancinmu muka koyi aiki da ita, 1 MΩ a bolt 500 shi ne mafi ƙarancin abin da ake karɓa a wayarin na gida da na shago. Nan ne mita za ta ce maka "ya wuce" ko "ya faɗi".

Ga abin da ya taɓa faruwa da ni a wani watan Agusta, ana tsakiyar damina. Na ɗora megata a kan jerin nawa: 1 MΩ ta nuna 1.01, 10 MΩ ta nuna 9.9, amma 100 MΩ sai ta nuna 91. Littafinta ya ce kuskurenta bai wuce kashi 5, in ka haɗa da kashi 1 na rizistocin, abin da zan yarda da shi daga 94 ne zuwa 106. To 91 ta fita daga layi. Har na fara lissafin kuɗin gyara. Sai na lura cewa a kan guntun katako na ɗaure jerin, katakon kuma ya kwana a shago kusa da taga, ya sha laima, ga ƙurar hunturun bara ta manne a jikinsa ta zama kamar laka. In katakon nan ya buɗe wata hanya mai kimanin 1000 MΩ a gefen 100 MΩ ɗina, lissafin ya zama haka:

```
(100 × 1000) / (100 + 1000) = 90.9 MΩ
```

Daidai abin da mitar ta faɗa ke nan. Ita gaskiya ta faɗa, katakona ne ya yi ƙarya. Wannan hanyar ta 1000 MΩ a gefen 1 MΩ ba ta rage ko kashi ɗaya cikin ɗari, shi ya sa ƙananan jerin suka fito lafiya. Na cire jerin daga katakon, na goge da sifirit, na bar shi ya bushe, na rataye shi a iska ba ya taɓa komai, sai ta nuna 99. Tun daga nan a cikin robar abinci mai murfi nake ajiye su, kuma ba na kama jikinsu da yatsa, gumin hannu ma hanya ce. Haka wayoyin gwajin, kar ka bari su nannaɗe da juna. Kafin komai ka ware su a iska ka danna, ya kamata ta nuna ta wuce iyakarta, sannan ka haɗa bakunansu ta nuna sifili.

Mitar atin kuwa a ƙananan lambobi take nuna halinta, ba a manya ba. Ita ba ruwanta da laimar katako, kuma ba ta buƙatar jeri, rizista ɗaya ɗaya ta wadatar: 1 Ω, 10 Ω da 100 Ω, masu kashi 1. In mai baki uku ce, ka sa ƙafa ɗaya ta rizistar a bakin da aka rubuta wa E, ɗaya ƙafar kuma ka kai mata wayar P da wayar C, kowacce da bakin kadanta. A wasu mitocin S da H za ka gani a madadin P da C. Wani yaron shagonmu ya taɓa kawo mini tasa, 1 Ω ta nuna 1.38, 10 Ω ta nuna 10.40, 100 Ω ta nuna 100.4. Dubi lambobin da kyau. Ba kaso ne ke ƙaruwa ba, abu ɗaya ne, kimanin 0.4, yake bin kowane awo. A kan ɗari ba ka ma ganinsa, a kan ɗaya kuwa ya kusa kashi 40. Muka cire rizistar muka haɗa bakunan uku wuri guda, ta nuna 0.37. Ashe laifin koriyar wayar E ne, zaruruwanta sun tsittsinke a gindin bakin kada, saura biyu ko uku, ga tsatsa. A mita mai baki uku duk abin da ke cikin wayar E yana shiga lissafi, shi ya sa ake yin ta gajera. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 0.75 mm², mita biyar ɗinta kusan 0.12 Ω ce ko da lafiyarta lau. Mai baki huɗu, C1, P1, P2, C2, ba ta da wannan matsalar muddin ka kai wayoyi biyu daban daban zuwa kowace ƙafa. In da a ce 1 ta nuna 1.1, 10 ta nuna 11, 100 ta nuna 110, to wannan ciwon a cikin mitar yake, sai wurin masu saiti.

Yanzu ga inda shawarar rizista ɗaya take da rami, kuma duka mitocin biyu suna faɗawa. Rizista ba ta damu da ƙarfin wutar da aka ba ta ba. Jerin 10 MΩ zai nuna 10 ko mega ta ba shi bolt 500, ko ta gaza ta ba shi 200. Kebul mai rauni ba haka yake ba. Akwai wanda zai yi shiru a bolt 200, sai an kai shi 500 zai tona asirin kansa. Ke nan mega mai mataccen batir ko gajiyayyen ciki tana iya cin jarrabawar rizista, ta je Sharaɗa ta wanke kebul ɗin da bai cancanta ba. Ƙa'idar duniya ta mitocin mega, IEC 61557-2, ta ce mega ta iya riƙe cikakken bolt ɗinta tana ba da 1 mA, kuma in ba kaya a kanta kada ta haura da fiye da kashi 25. A bolt 500, ma'anarsa ta riƙe 500 a kan 0.5 MΩ, kuma kada ta wuce 625. Ka sa maltimita a 1000 V DC, ka tabbata an rubuta a jikinta tana ɗaukar hakan, ka auna bakin megar. Za ka ga megar tana nuna wajen 10 MΩ, kar ka damu, cikin maltimitar take aunawa. Sannan ka jera biyar na 100 kΩ da guda na 27 kΩ, ka sa su a bakin megar tare da maltimitar, su biyun tare sun zama kusan 0.5 MΩ. In bolt ya sauko ƙasa da 500, canza batir ka sake. In bai dawo ba, kar ka fita aiki da ita. Hannunka kuma ya yi nesa da ƙarafan har allon ya nuna wutar ta sauka.

Ramin mitar atin yana wurin turakun da ake kafawa a ƙasa lokacin awo. A kan tebur ka haɗa P da C kai tsaye, amma a fili ta cikin ƙasa suke bi, kuma ƙasar Kano a watan Maris kowa ya san yadda take, turke ɗaya yana iya kai dubban om. Don ka kwaikwayi wannan, bar 10 Ω ɗinka a inda take, ka saka 1 kΩ a kan hanyar P, wata 1 kΩ a kan hanyar C. Awon bai kamata ya motsa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ka ƙara zuwa iyakar da littafin mitar ya ce tana jurewa. Mita mai lafiya ko ta riƙe 10 ɗinta, ko ta kunna alamar cewa turke ya yi tauri, a nan ne kake zuba wa turken ruwa a wurin aiki. Wadda ta yi shiru ta miƙo maka 7 ko 14 ita ce abar tsoro. In taka mai kama waya ce kamar filaya, wannan duk bai shafe ta ba, da zoben gwajinta take zuwa, sai ka duba leɓunanta ba ƙura kuma suna rufewa ruf.

Gwajin nan ba ya zama takardar saiti. In masu masana'antar da za ku yi wa aiki ko jami'an hukumar duba aikin wuta ta NEMSA suka nemi takarda, littafinka ba zai tsaya a madadinta ba, kuma shekara uku ta yi yawa, a al'ada duk shekara ake kaiwa. Ka gaya wa oganku haka cikin ladabi. Ranar da mitocin suka dawo daga saiti, a ranar za ka ɗora su a kan rizistocinka ka rubuta abin da kowacce ta nuna, da kwanan wata, da ko damina ce ko rani. Wannan lambar ce za ka riƙa komawa gare ta duk wata, da duk ranar da mita ta faɗo daga kan tsani ko ta sha jijjiga a bayan Adaidaita Sahu. Na sati mai zuwa kuwa, fara da sabon batir da wayar E, ka turo mana lambobin da ka samu mu duba tare.