Odar hani ko dakatar da shawarar hukuma: wacce ta dace da mai shagon da za a rushe?

Wani ɗan uwa a zauren nan ya yi tambaya: "Hukumar tsara gari ta manna wa shagunanmu takardar rusau, wa'adin kwana 21. Lauya ya ce ko mu nemi odar hani, ko mu nemi a dakatar da shawarar hukumar, amma ya ce alƙalai ba sa son tsayar da gwamnati. Mene ne bambancinsu, kuma me ya sa?"

Bambancin farko yana ga abin da kowace oda take kamawa. Odar hani tana kama mutum ne, wato tana umartar hukumar da jami'anta kada su kawo katafila har sai an saurari ƙara, wanda ya saɓa kuwa ana iya tuhumarsa da raina kotu. Dakatarwa kuma shawarar kanta take kamawa: takardar rusau ɗin tana nan, amma ƙarfinta ya tsaya har kotu ta duba ko hukumar ta bi doka wajen fitar da ita.

Hanyar samunsu ma ba ɗaya ba ce. Odar hani tana rataye ne a jikin ƙarar da aka shigar, kuma iri biyu ce. Akwai ta gaggawa wadda ake bayarwa ba tare da an ji ɗaya ɓangaren ba, wadda ƙa'idojin kotuna da yawa suka taƙaita ta zuwa kwana 7 ko 14, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya, a 1989, ta ce ba a bayar da ita sai gaggawar ta gaske ce. Akwai kuma wadda ake bayarwa bayan an ji kowa, ta tsaya har ƙarshen shari'a. Dakatarwa tana zuwa ne ta hanyar neman kotu ta bi diddigin shawarar hukuma: sai an fara neman izinin alƙali, galibi cikin wata uku, kuma izinin ba ya zama dakatarwa da kansa sai alƙalin ya faɗi haka a fili. Nan mutane suke yawan tuntuɓe, su ɗauka sun tsira alhali takardar rusau tana aiki.

A taku matsalar, idan hujjarku ita ce hukumar ba ta ba ku damar kare kanku ba, ko ta wuce hurumin da doka ta ba ta, dakatarwa ta fi dacewa. Idan kuwa rigimar a kan mallakar filin ce, kuna da takardar shaidar mallaka hukumar tana musu, odar hani ce hanyarku. Ko wacce kuka zaɓa, ku shigar a makon farko, domin wanda ya zauna har kwana na 20 sannan ya ce gaggawa, alƙali zai ce shi ya ƙirƙiro ta, kuma kotu ba ta hana abin da aka riga aka gama.

Ɗari-ɗarin alƙalai yana da tushe. Doka tana ɗaukar aikin hukuma a matsayin wanda aka yi bisa ƙa'ida har sai an nuna akasin haka, sa'annan idan alƙali ya zo auna wa zai fi cutuwa, ba ku da hukumar kaɗai yake aunawa ba, har da jama'ar da ba su zo kotu ba. Idan hukumar ta rantse cewa shagunan sun toshe magudanar ruwa ga damina ta gabato, alƙali zai tambaya ko kuɗi zai iya biyan asararku. Idan zai iya, da wuya ya ba da oda. Alƙawarin da mai nema yake yi na biyan diyya idan ya faɗi ma ba ya da nauyi a nan, tunda ɗan kasuwa ba zai iya biyan unguwar da ambaliya ta ci ba. Tarihi ma ya ƙara tsoron: odar da wata babbar kotu a Abuja ta bayar ranar 10 ga Yuni 1993 domin hana zaɓen 12 ga Yuni tana cikin abin da ya rikita ƙasar, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana kotu tsayar da zaɓe saboda ƙara tana gabanta.

Duk da haka ƙofar ba a rufe take ba. Ranar 8 ga Fabrairu 2023 Kotun Ƙoli ta ba Kaduna da Kogi da Zamfara odar wucin gadi da ta hana aiwatar da wa'adin 10 ga Fabrairu na daina karɓar tsofaffin takardun naira, ko da yake gwamnati ba ta bi ta yadda ya kamata ba, abin da kotun ta yi tir da shi a hukuncinta na 3 ga Maris. Saboda haka, da zarar kun sami oda, ku tabbatar ma'aikacin kotu ya kai wa shugaban hukumar, ku riƙe shaidar isarwa, domin idan babu ita tuhumar raina kotu ba za ta tsaya ba.